Yadda ake tace taron manema labarai ba tare da an ɗora wa wani maganar da bai faɗa ba

Tambaya: Ni sabon ɗan rahoto ne a wani gidan rediyo a Kano. Idan na dawo daga taron manema labarai da muryar kusan awa guda a waya, edita kuma ya ba ni minti ɗaya da rabi, sai in rasa abin ɗauka da abin bari. Kuma ina tsoron jingina wa mutum maganar da ba tasa ba. Yaya ake yi?

Amsa: Ƙanena, kada ka fara da rubuta labari. Fara da takardar da mai sauraro ba zai taɓa gani ba. Ka samu wuri ka zauna da abin sauraro a kunne, ka saki muryar tun daga farko, ka bar ta ta kai ƙarshe ba tare da ka tsayar ba. Duk inda aka faɗi abin da ya sa ka ɗaga kai, ka rubuta abu uku a layi ɗaya: minti da sakan ɗin da wayar ta nuna, wanda ke magana, da kan maganar a kalma huɗu ko biyar. Taron awa guda yakan ba ka layi ashirin zuwa talatin. Daga ranar da ka saba da wannan takarda, ƙa'idarka ta zama guda: jimlar da ba za ka iya nuna mintinta da mai ita ba, ba ta shiga labari. Idan hali ya yi, tun a zauren taron za ka fara, ido ɗaya a kan mai magana, ɗaya a kan agogon rikoda, musamman idan mutum uku ne a kan tebur suna miƙa wa juna makirfo. A faifai muryoyi sukan yi kama, kuma nan ne maganar kakaki ke komawa bakin maigidansa.

Bari mu ɗauki taron da kowa ya ji a jikinsa. Ranar 26 ga Oktoban 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya tara 'yan jarida a Abuja ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da kana wurin, takardarka za ta cika da abubuwa kamar haka: sababbin kuɗin za su fara yawo 15 ga Disamba, tsofaffin za su daina aiki bayan 31 ga Janairun 2023, shugaba Muhammadu Buhari ya amince da shirin, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke zagayawa a ƙarshen Satumba, tiriliyan 2.73 na wajen bankuna. Jabun kuɗi sun yi sauƙin bugawa. Matakin zai rage biyan kuɗin fansa ga masu garkuwa da mutane. Ƙasashe kan sauya kuɗinsu duk shekara 5 zuwa 8, ita kuwa naira ta shekara 20 ba a sauya mata fasali ba.

Sabon ɗan rahoto yakan kalli waɗannan a matsayin abu iri ɗaya, tunda daga baki ɗaya suka fito. Ba iri ɗaya ba ne, kuma rabe su shi ne ainihin aikin. Ranakun nan biyu hukunci ne. Mai ikon yanke shi ne ya furta, don haka furucin kansa shi ne abin da ya faru, shi ne kuma zai buɗe labarin. Ka tambayi kanka wace magana ce za ta sa mai shago a Kantin Kwari ya ajiye abin da yake yi ya ƙara muryar rediyo. Ba tarihin ayyukan babban banki ba ne, ko da an ɓata mintuna ana zayyana shi a farkon jawabi. Abin da zai tsayar da shi shi ne cewa dubu ɗayar da ke aljihunsa tana da wa'adi. Tsarin da mai jawabi ya bi nasa ne, ba dole a kanka ba.

Alƙaluman kuwa na bankin ne, sai a jingina masa su: "a cewar alƙaluman Babban Bankin". Kuma ka taɓa su da hannunka kafin ka karanta. Raba 2.73 da 3.23, za ka samu kashi 84 da rabi cikin ɗari. Idan za ka ba da kaso, "kusan kashi 85" ka ce. Wannan lissafi na sakan goma yana kama kuskuren ji, domin biliyan da tiriliyan a bakin mai sauri da lasifikar da ke ƙara sukan zama abu ɗaya. Kowace lamba, ka mayar da muryar baya ka ji ta sau biyu, sannan ka gwada ta da takardar jawabin da aka raba. In sun saɓa, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi. Kira jami'in hulɗa da 'yan jarida ka tambaye shi wacce ce daidai.

Maganar kuɗin fansa ita ce ta fi yaudara. Fata ne na mai magana, abu ne da bai riga ya faru ba. Wanda ya rubuta "Sabon kuɗi zai rage garkuwa da mutane" ya ɗauki alƙawarin wani ya ɗora a kan gidan rediyonsa. Daidai shi ne "Gwamnan ya ce yana sa ran matakin zai rage biyan kuɗin fansa." A rediyo kuma sunan mai magana yakan zo a gaba, saɓanin jarida da za ta iya barin "in ji shi" a ƙarshe. Mai sauraro ba ya komawa baya. Idan ya ji iƙirarin tukuna daga bakinka, ya riga ya karɓe shi a matsayin naka kafin "in ji" ya iso.

Sai zancen shekara 20. Wannan shi ne irin maganar da nake so ka riƙa tsayawa a kanta, domin ta yi kama da tarihi, ga ta a tsare, babu wanda ya musa a zaure. Amma takardar naira 1,000 a 2005 ta fara fitowa, kuma a 2007 an fito da sababbin takardun naira 5 zuwa 50. Don haka in ka faɗe ta da bakinka kamar tabbataccen abu, ka ɗauki nauyin da ba naka ba. Ko ka jingina ta ga mai ita, ko ka bar ta. A minti ɗaya da rabi, ni barin ta zan yi.

Dubi kuma amincewar shugaban ƙasa. Buhari ba shi ne ya yi magana a taron ba. Abin da ke cikin rikodarka shi ne Emefiele ya ce an nemi amincewarsa kuma an samu. Haka za ka rubuta, da sunaye biyun a fili, domin "ya ce ya amince" a Hausa ba ya nuna wane ne ya amince. Kada kuma ka faɗaɗa ta ka ce "Gwamnatin Tarayya ta yanke shawara". Kwana biyu kacal bayan taron, ministar kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Wanda ya rubuta "Babban Banki ya ce", labarinsa na nan a tsaye. Wanda ya rubuta "gwamnati" sai da ya nemi hanyar gyara.

Ga yadda zan buɗe rahoton: "Babban Bankin Najeriya ya ce zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ya shaida wa manema labarai a Abuja cewa sababbin kuɗin za su fara yawo ranar 15 ga Disamba, tsofaffin kuma za su daina aiki bayan 31 ga Janairu. Ya ce shugaba Buhari ya amince da shirin." Bayan nan dalili ɗaya da lambarsa, muryar gwamnan ta sakan 15 zuwa 20, sai abin da aka umarci jama'a su yi da tsofaffin kuɗinsu. Minti ɗaya da rabi bai wuce kalma ɗari biyu da 'yan kai ba, har da fassarar muryar. Magana uku ko huɗu ce za ta shiga, sauran su zauna a takarda.

A kan fi'ilin da kake jingina magana da shi, kada ka ji kunyar maimaita "ya ce". Yara da yawa suna gudun sa don kada a ce ba su da kalmomi, sai su faɗa rami. "Ya tabbatar" na nufin kai ma ka yarda gaskiya ne. "Ya amsa cewa" na nuna an matsa masa ko yana ɓoyewa. "Ya yi iƙirari" na ɗauke da shakka, "wai" kuwa ta fi shi. Kowanne yana da wurinsa, amma hukunci ne kake yankewa, sai in abin da ke cikin muryar ya ba ka hujja. "Ya musanta" ma ba ya tsayawa shi kaɗai, dole mai sauraro ya san abin da aka musanta da wanda ya kawo shi.

Wannan ya kai mu lokacin tambayoyi, inda sau da yawa labarin gaske yake ɓuya, inda kuma aka fi yi wa mutane ƙage ba da niyya ba. Ɗan jarida zai yi doguwar tambaya mai cike da kalmominsa, jami'i ya ce "haka ne" ko "muna dubawa". Kalmomin na mai tambaya ne. Ba ka da damar zuba su a bakin jami'in. Rubuta: "Da aka tambaye shi ko za a ƙara wa'adin, ya ce..." sannan ka kawo daidai abin da ya ce, komai gajartarsa. Haka nan idan kana yanka murya, saurari sakan goma kafin wurin da sakan goma bayansa. "Idan", "amma", "sai dai" da "a yanzu" su ne wuƙar edita ta fi ci, kuma cire ɗaya daga cikinsu na iya mayar da sharaɗi ya koma alƙawari. Kada ka haɗa rabin jimla daga minti na 5 da rabin wata daga minti na 40 su fita kamar numfashi ɗaya.

Tunda yawancin irin wannan taro da Turanci ake yi, duk abin da za ka sa cikin alamar zancen wani fassararka ce. Ka taƙaita hakan ga gajeriyar jimla ɗaya da ka tabbata ka riƙe ma'anarta da nauyinta, sauran ka ba da su da "ya ce". A iska, ka bar muryar mutumin ta fito na 'yan sakan kafin fassara ta hau kanta, don a ji cewa shi ne.

Kafin ka miƙa wa edita, ɗauki biro ka bi rubutun jimla bayan jimla, kana sa mintin kowacce a gefe. Wadda ba ta da minti, ko dai bayanin fage ne da ka samo daga wani wuri, sai ka san daga ina, ko kuma ra'ayinka ne ya sulale ya shiga, sai ka goge. Muryar asali kuwa kada ka share ta don wayarka ta cika. Kwafe ta a kwamfutar ofis da kwanan wata da sunan taron, ka ajiye takardar mintocin tare da ita. Wa'adin 31 ga Janairu ma an ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu, daga baya Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan maganar a watan Maris na 2023, kuma kowane sabon rahoto sai da ya koma ga ainihin abin da aka faɗa ranar 26 ga Oktoba.