Wane gari cutar ta fi kamari?

"Na ga an rubuta mutum 40 cikin dubu ɗari sun kamu da cuta. Me ake nufi? Ba garin da ya fi yawan marasa lafiya ne ya fi shiga haɗari ba?"

Malama, ba lallai ba ne. Bari mu ƙaddara lissafi. A ce Zariya na da mutum 800,000, an samu 320 da ƙyanda. A ce Giwa na da 50,000, an samu 60. A ido, Zariya ta fi. Amma ki raba waɗanda suka kamu da yawan mutanen gari, sannan ki ninka da 100,000. Zariya ta ba da 40, Giwa kuwa 120. Ashe a Giwa cutar ta fi cin mutane, har ninki uku, duk da ba ta da mutum dubu ɗari. Awo ne kawai, kamar a auna hatsin buhu biyu da tiya ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne ƙaramin gari. A ƙauye mai mutum 2,000, yara biyu kacal suka kamu, lissafi zai nuna 100. Don Allah ki duba ainihin adadin, ki kuma tabbatar tsawon lokacin ɗaya ne, kada a gwada na wata guda da na shekara.