Al'adar 'yata ta rikice tun da ta fara: ciwo ne ko ƙuruciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 13 ta fara al'ada wata takwas da suka wuce. Bayan ta farko sai da ta yi wata biyu ba ta gani ba, daga baya kuma ta zo mata sau biyu a wata guda, ranar 2 da ranar 25. Ta ƙarshen nan kwana goma ta yi, kuma yarinyar tana kukan jiri. Kakarta ta ce ƙuruciya ce. Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kaka ta yi gaskiya a kan abu biyu na farko, amma na ukun yana buƙatar a duba shi.

A shekara biyun farko, ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai ba su gama daidaita aikinsu ba, saboda haka watanni da yawa kan wuce ba a saki ƙwai ba. Sinadarin istirojin yana ci gaba da kaurara shimfiɗar cikin mahaifa, alhali furojestaron, wanda ke tsayar da kaurin ya kuma sa shimfiɗar ta zube a lokaci guda, ba ya samuwa sai bayan an saki ƙwai. Shi ya sa jinin kan yi jinkiri, idan kuma ya tashi zuwa ya zo da yawa ko ya yi ta ɗigowa. Irin wannan jinin galibi ba ya zuwa da ciwon mara, don haka kada ki firgita idan ciwon ya bayyana nan gaba; sau da yawa alama ce ta cewa an fara sakin ƙwai.

Kuskuren da na fi gani wurin iyaye shi ne ƙidayar kwanakin tsarki kaɗai. Mu a asibiti muna ƙirgawa ne daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba ya fara, kuma ga yarinya a wannan mataki, kwana 21 zuwa 45 duk daidai ne. Daga ranar 2 zuwa ranar 25 kwana 23 ne, wato abin da kika gani sau biyu a wata bai fita daga ƙa'ida ba. Tsallaken wata biyu ya ɗan zarce, amma an saba ganinsa a shekarar farko. Inda muke bincike shi ne idan aka kai kwana 90 babu jini, ga mai aure kuwa gwajin ciki ake fara yi.

Kwana goman nan ne ya fi damuna. Na san a fiƙihun Malikiyya mai farawa tana iya ƙirga haila har kwana goma sha biyar, to amma wannan hukuncin sallah da azumi ne, ba ma'aunin lafiya ba. A likitance, jinin da ya wuce kwana bakwai ya yi tsawo. Ki tambaye ta a keɓe, domin yara kan ɓoye don kunya: audugar mata nawa take canzawa? Uku zuwa shida a yini shi ne aka saba. Idan tana jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko jini yana ɓata shimfiɗa da dare, ko gudaji manya suna fita, zubar ta yi yawa.

Jirin yana iya nuna ƙarancin jini. Ki ja fatar ƙasan idonta ki dubi cikin, ki dubi tafin hannunta. Idan sun yi fari, zargin ya ƙara ƙarfi. Ki kai ta asibiti cikin makon nan a auna jininta, gwajin da za ki ga an rubuta PCV. Idan ya yi ƙasa, za a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda ake ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin jikinta ya dawo daidai, ba a kuma haɗa su da shayi domin yana rage amfaninsu. Akwai magungunan rage zubar kanta, amma likita ne zai zaɓa. Kada a ba ta asfirin, yana ƙara zubar jini.

Likitan zai kuma so ya ji ko tana yawan haɓo, ko dasashinta na jini, ko an taɓa cire mata haƙori jini ya ƙi tsayawa, ko akwai mata a dangi masu zubar jini sosai bayan haihuwa. Wasu 'yan mata suna da matsalar rashin daskarewar jini ta gado, mafi yawa wadda ake kira Von Willebrand, kuma al'adar farko-farko ce ke tona ta. Idan da irin wannan tarihin, ki nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe.

Kafin nan, ki ba ta ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa da adadin audugar kowace rana, ku tafi da shi. Idan kuwa ta suma, ko tana haki da bugun zuciya alhali jini na zuba, kada a jira gari ya waye.