Kada ka bari a taɓa karnen awon matarka

"Assalamu alaikum Majo. Ni ɗan unguwar Zango ne a Damagaram, shekara huɗu ke nan ina tuƙin mota a Jidda. Matata tana da ciki wata biyar. An yi mata awo, an ce ba ta da sida, amma tana da ciwon hanta, epatit B. Ni kuwa lokacin da zan yi iƙama an ɗebi jinina, ba a ga komai ba. Hajiyarmu ta ware mata kwano, ta ce daga waje ta kwaso shi, ta ce a gida za ta haihu don kada magana ta fita, kuma ba za ta shayar ba. Wani ajan ya ce in ba shi jika ɗari uku ya fitar mata da takarda mai tsabta, ya sauya karnen awon, don in kawo ta nan bayan haihuwa. Barci ya gagare ni."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura wa mutumin nan ko dala. Zan gaya maka dalili, amma bari in fara cire maka ƙayar da ta fi sukar ka, wato zargi.

Mafi yawan masu ɗauke da epatit B a yankinmu tun suna jarirai ko suna ƙanana suka same shi: daga uwa a wajen haihuwa, ko daga askar wanzami guda da ta yi wa yara da yawa tsaga, ko kaciya, ko cire hakin wuya. Jaririn da ya kamu a haihuwa, cikin goma wajen tara cutar na zama a hantarsu har girma, shiru, ba ciwo ba shawara. Babban mutum kuwa idan ya kamu, kusan kullum jikinsa na korar ta cikin 'yan watanni, waɗanda take zame musu ba su kai biyar cikin ɗari ba. To ka ga yadda za a samu mata tana da shi, mijin da ke kwana da ita ba shi da shi. Zai yiwu ma ya shige ka ya fita ba ka sani ba. Ka je asibiti a nan Jidda a duba ko jininka yana da garkuwa. Idan babu, allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Wannan sakamakon ba shaidar komai ba ne a kan mutuncin yarinyar nan, kuma wanda ya jefe ta da wannan magana ba hujja ya san nauyin abin a gaban Allah. Kwanon da aka ware mata a mayar da shi cikin sauran. Cutar ba ta bin tuwo, ba ta bin moɗa, jini take bi da saduwar aure. Reza, asuwaki da abin yankan farce su ne kowa zai riƙe nasa.

Yanzu karne. A jikinsa sajfam ta rubuta AgHBs, wato gwajin epatit B, ta sa alamar fozitif. Kai abin kunya kake gani a wurin, ni kuwa saƙo nake gani zuwa ga duk wadda za ta karɓi haihuwar, ko da ƙarfe uku na dare ne, ko da ba ta taɓa ganin matarka ba. Saƙon yana cewa jaririn nan a yi masa allurar epatit B cikin awa 24 da faɗowarsa, in son samu ne ma tun kafin a fita da shi daga ɗakin haihuwa. A lokacin naƙuda ne jinin uwa ke haɗuwa da ɗa, allurar kuma tsere take yi da ƙwayar cutar kafin ta kafu a hanta. Mutane da yawa na cewa ai allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, wadda ake yi a sati na 6, na 10 da na 14, ita ma tana da epatit B a ciki. Gaskiya ne, kuma dole a cika su duka ukun. Amma ga ɗan da uwarsa ke ɗauke da cutar, sati shida ya yi nisa ƙwarai.

Na ga abin da idona, shi ya sa nake zafi. Wata baiwar Allah mijinta yana ci-rani, 'yan uwansa suka ɓoye karnenta suka samo wani da aka cika shi tsaf, komai negatif. Ta haihu lafiya, ɗa namiji, aka sha suna. Wadda ta karɓi haihuwar ba ta da laifi, abin da ta gani a rubuce shi ta bi. Yaron yana da shekara biyu aka gwada shi saboda wata jinya daban, sai ga cutar. Yana wasansa yanzu kamar kowa, amma zai yi rayuwarsa ana duba hantarsa, don irin wannan ne ke kai wasu ga ƙanƙancewar hanta ko kansa suna tsakiyar ƙarfinsu. Ubansa ya zauna a gabana yana juya karnen jabun nan a hannu, ya kasa cewa komai.

Ta fuskar tafiya ma takardar ajan asara ce. Kai ka sani ba a dogara da gwajin gida kaɗai, ana sake ɗiban jini a can kafin a ba da takardar zama. Na san waɗanda suka biya, aka gano a can, kuɗi suka tafi, sunan mutum ya ɓaci a fayil, ajan kuma ya sauya lamba. Maganar kawo ta a ajiye ta tukuna. In lokacin ya yi, ka tambayi ƙa'idar shigo da iyali a ofishin hukuma da kanka, da sakamakonta na gaskiya a hannu.

Kuɗin da ka tanada ga inda za su je. Gwajin farko ya nuna cutar tana nan ne kawai, bai faɗi yawanta ba. Ta koma wurin awo ta nemi a tura ta ga likita, ko a babban asibitin ƙasa na Damagaram ko a cibiyar kula da uwa da ɗa, a rubuta mata gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. Idan wannan bai samu ba, akwai AgHBe, wanda shi ma ke nuna ko cutar tana hayayyafa da ƙarfi, a haɗa da gwajin lafiyar hanta. Idan yawan ya kai 200,000 a kowane mililita, ko AgHBe ya fito fozitif, allura kaɗai tana iya gazawa, don ƙwayoyin sun yi yawa. A nan ne ake ba uwa tenofobir, ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 kullum. An saba farawa a sati na 28, wato farkon wata na bakwai, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta yarda a fara kafin nan, har ma a ba mace ko da gwajin yawan cutar bai samu ba. Aikin maganin shi ne ya kwantar da cutar kafin ranar naƙuda, kuma yana buƙatar makonni kafin ya yi hakan. Matarka tana wajen sati na 22, saboda haka wannan watan ne na gwaji, ba bayan Hajiya ta huce ba. Idan aka ɗora ta a kai, kada ta daina da kanta bayan haihuwa, don hanta kan iya tashi idan an yanke shi haka kawai. Likita ne zai faɗi ranar, ya kuma riƙa duba jini.

Ka ga amfanin gwajin sida da aka yi mata tare. Tenofobir yana cikin magungunan sida, kuma idan mai sida ta sha shi shi kaɗai, ƙwayar sidar tana koyon jure masa. Shi ya sa ba a sayo shi a kasuwa a fara sha a makance. Za a maimaita mata gwajin a watannin ƙarshe, kada ka ɗauke shi cin fuska. Kai ma, ƙanena, gwajin da aka yi maka shekara huɗu ke nan ba ya magana a kan yau. Ranar da ka sauka gida ku je tare a gwada ka, domin macen da ta kamu tana da ciki ko tana goyo ita ta fi saurin ba ɗa. Ko da a ce sida ta fito, akwai hanya: ba magani, yara 15 zuwa 45 cikin ɗari ke kamuwa, da magani kuwa abin yana sauka ƙasa da 5. Uwa na shan ƙwaya ɗaya kullum, wadda ke danne epatit B ɗin ma, jariri na shan ruwan magani wajen sati shida, sannan a gwada shi.

Sauran magana tsakaninka da Hajiya ne, kuma a nan ina bayan matarka. Uwa uwa ce, Allah ya ƙara mata lafiya, tsoron bakin mutane ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Amma biyayya ba ta kai ga a hana jikanta allura ba. Haihuwar gida tana nufin wankan jego, ana jiran suna, kwana bakwai sun wuce kafin a tuna da asibiti. Nono kuma ba ya ba da epatit B ga jaririn da aka yi wa allura, ta shayar da abinta tun daga dakashi, sai dai in kan nonon ya tsage yana jini ta nuna wa sajfam. Saiƙon da na san za a fara jiƙa mata a dakatar da shi, hantar da ke fama ba ta son ƙarin kaya, kuma babu sassaƙen da ke fitar da cutar nan. Kada ka yi wannan magana ta saƙon murya. Kira Hajiya, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka ce likita ya ce jikanta zai tsira in an bi ƙa'ida, kana neman ta taimake ka. In akwai kawu ko malamin da take jin maganarsa, a sa shi ciki. Sirrin matarka ya tsaya a nan, kada ya kai zauren unguwa.

Tun a wata na takwas matarka ta tambayi sajfam ɗin matarniten da za ta haihu, baki da baki, ko allurar ranar haihuwa tana nan a firijinsu, har da dare da ranar Lahadi. Idan ba tabbas, a rubuta ordinas a saya a farmasi, a kai ta cikin kula mai sanyi a ajiye a wurinsu da sunanta. Ba a ajiye ta a firijin gida, ka san zafin Damagaram da ɗaukewar wuta, kuma ƙanƙara ma lalata ta take yi. Akwai wata allura ta biyu, ta garkuwar jini, da ake haɗawa da ita inda ake samu. Tana da tsada, ku tambayi likitan tun yanzu. Ka zaɓi mutum ɗaya, ƙanwarka ko yayarta, ka bar mata kuɗin adaidaita, aikinta ranar naƙuda ta riƙe karne ta ga an yi allurar a cinyar jariri, an rubuta rana da awa. Ta ɗauki hoton shafin ta turo maka. Idan yaron ya kai wata tara zuwa shekara, a gwada jininsa don a tabbatar ya kuɓuta. Allah ya sauke ta lafiya.