Rini nawa zai ishi gashi mai yawa?

"Don Allah 'yan uwa, gashina ya wuce kafaɗa kuma yana da cika sosai. Rini da dibelofa nawa zan haɗa? Ina Tudun Wada."

'Yar uwa, cikar ce ke shan rini fiye da tsawon. Kuma gashinmu yana tsukewa, sai kin miƙe shi za ki ga gaskiyarsa. Irin naki, ki sayi rini mai mililita 60 guda biyu, da na uku na ko-ta-kwana. Launi ɗaya, lamba ɗaya, tun kina cikin Kasuwar Gumi ta Kaduna, kada ki koma ki tarar ya ƙare.

Dibelofa kuwa, wato sinadarin da ake kwaɓa rinin da shi, ba a ƙiyasta shi da ido. Duba jikin kwalin. In an rubuta 1:1.5, rini mililita 120 zai ci dibelofa 180. In 1:1 ne, 120 kacal. Ki auna da sirinji, a robar da ba ƙarfe ba. Masu ƙara dibelofa don haɗin ya yi auki, su ne launinsu ke fita fayau, furfura na leƙe.

Kada ki kwaɓa duka lokaci guda, don da zarar sun haɗu sun fara aiki, ba a ajiye saura. Raba kan gida huɗu, ki haɗa rini 60 da dibelofa 90 in 1:1.5 ne, ki yi ƙeya. In bai ishi gida biyu ba, rini na ukun zai shiga ke nan. Kowane tsagi ya jiƙe sharkaf, inda ya rage a bushe nan zai yi dabbare-dabbare. Da hunturu ma ki ɗan ƙara, busasshen gashi akwai sha.