Ɗigo ɗaya a wasiƙar kaka: ƙasa ce ko fasa?

Tambaya daga wata ɗaliba a Yamai: "Malam, ina kwafe wasiƙun ajami da marigayi kakana ya riƙa aikowa Tawa daga Abijan lokacin da yake zuwa biɗa, daga hotunan da gwaggona ta turo mini ta waya. Tawadar ta koɗe. A wani layi na karanta 'komi nisan jiba fasa za shi', sauran ya goge. A wani kuma ya ce ya aiko da 'dala ɗari da guru ƙwarya biyu'. Me yake nufi? Kuma in gyara Hausarsa in mayar da ita irin ta littafi?"

Ɗiyata, Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Daga yadda kika karanta layin farko na fahimci cewa kin koyi baƙi ne a Alƙur'ani bugun gabas, na ruwayar Hafsu, alhali kakanki ya yi karatun allo ne da ruwayar Warshu da rubutun Magariba, kuma tsakanin rubutun biyu akwai bambancin da ya shafi wannan layi kai tsaye. A bugun gabas, fa tana da ɗigo ɗaya a bisa, ƙaf kuma tana da biyu. A hannun malaman allo kuwa, ɗigon fa a ƙarƙashinta yake, ƙaf ce mai ɗigo ɗaya a bisa. Saboda haka harafin da kika ɗauka fa ne a "fasa" ƙaf ne, kalmar kuwa "ƙasa" ce. Wanda kika ɗauka harafin ba ne a "jiba", domin kin ga ɗigo a ƙarƙashi, ki faɗaɗa hoton ki dubi kansa: harafin ba ɗan haƙori ne kawai da yake tasowa daga layi, fa kuwa tana da kai a naɗe kamar ƙulli. In kin ga ƙullin, kalmar "jifa" ce.

Ashe karin magana ne kakan ya kawo: kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Asalin misalin a fili yake, dutsen da aka wurga sama ba shi da wurin zama a can. Ana faɗinsa ta fuska biyu, kuma fuskokin sun yi nisa da juna. Akwai ta gargaɗi, wadda ake yi wa mai zalunci ko mai ɓoye wata ɓarna, wato kome daɗewar abin da yake yi, ƙarshensa na nan tafe. Akwai kuma ta lallashi, wadda matafiyi yake yi wa na gida, ko na gida su yi masa, wato kome nisan inda neman abinci ya kai mutum, gida ne makomarsa. A wasiƙar ɗan biɗa na fi kyautata zaton ta biyun ce, amma hukuncin yana hannun layukan da ke kewaye da shi: in yana ba iyali haƙuri ne a kan daɗewarsa, lallashi ne, in kuwa maganar gona ce da wani ya ci iyaka, ko bashin da aka ƙi biya, to gargaɗi ne.

Wurin da ya goge shi ne inda nake so ki yi taka-tsantsan. Mutane ba sa rufe wannan karin magana da kalma ɗaya: wani ya ce "faɗo", wani "faɗi", wani "dawo". Kada ki zaɓi wadda kunnenki ya saba da ita. Ki dubi abin da ya saura na harafin farko, ko akwai kan fa mai ƙulli, ko lanƙwasar dal, sannan ki dubi ko wani dogon hannu ya miƙe sama a tsakiya, domin da ɗa mai hannu ake rubuta "ɗ". In ba abin da ya saura, ki rubuta kalmar da kika fi zato a cikin baka biyu da alamar tambaya, don wanda zai karanta bayanki ya san wannan cikonki ne.

A layi na biyu matsalar ta wasali ce. Ajami yana rubuta "u" da "o" da alama ɗaya, wato rufu'a, don haka baƙaƙen da za a karanta "guru", ɗamarar layu da ake ɗaurawa a ƙugu, su ne za a karanta "goro". Abin da ya raba gardama shi ne kalmar da ta biyo baya. Ba a ƙirga guru da ƙwarya, amma a bakin fatake ƙwaryar goro ita ce goro ɗari, ko da ba a zuba shi cikin wata ƙwarya ba. Kakanki goro ɗari biyu ya aiko, wanda daga Abijan ba abin mamaki ba ne, kuma yawan ya isa ki bincika ko akwai suna ko ɗaurin aure a gidan a wannan shekara. Dala kuwa tamma biyar ce, kamar yadda har gobe ake lissafi a kasuwar Tawa, saboda haka dala ɗari tamma 500 ke nan na sefa, kuɗin da aka kafa a 1945 kuma Nijar da Kodebuwa suke tarayya a kansa. Ki bar "dala ɗari" a cikin layin yadda ya rubuta, lissafin ya koma gefen shafi.

Tun da ɗigo ne yake raba kalma da kalma, hoton da aka turo ta waya ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin ana matse shi a hanya, ƙananan alamu su narke. Cikin waɗanda kan iya ɓacewa akwai yamala, babban ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin harafi don ya ba da "e", sai kuma ɗigo ukun da ke raba "tsa" da "ɗa". A ɗaya ɓangaren kuma, kashin ƙuda a tsohuwar takarda yana shiga hoto kamar ɗigo. Ɗigon alƙalami launinsa ɗaya da baƙin da yake kansa, kuma girmansa kusan ɗaya ne a duk shafin. Ki roƙi gwaggo ta sake ɗaukar kowane shafi a inuwa da rana, ba tare da fitilar waya ba, ta raba shi gida biyu ko uku, ta ɗauki bayan takardar ma, ta turo su a matsayin fayil. In wani shafi ya gagara, sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH a Jami'ar Abdu Mumuni yana nan Yamai kusa da ke.

Gyaran Hausarsa kuwa ban yarda da shi ba. Wannan "za shi" da kika karanta daidai yake a harshen Adar, wato Hausar ƙasar Tawa, haka "munka sabka" maimakon "muka sauka", da "anka yi amre" maimakon "aka yi aure", da "ɗiyatai" maimakon "'yarsa". Ba kure ba ne, siffofin Hausar yamma ne, wasunsu ma, irin su "amre" da "sabka", sun riƙe baƙin da Hausar Kano ta mayar da shi "u". Ki raba shafin littafinki biyu: a dama ki kwafe abin da ya rubuta kalma da kalma, layi da layi, a hagu ki sa daidaitacciyar Hausa saboda jikokin da suka tashi a birni. Wuri ɗaya ne takarda ba za ta taimake ki ba. Ko da ya rubuta fa, mai yiwuwa abin da yake furtawa "jihwa" ne da "hwaɗi", don haka ki karanta wa gwaggo layin, ki ce ta maimaita shi yadda mahaifinta yake faɗa, ki rubuta wannan furucin a ƙasan shafin.