IMAP ko POP: wanne zan danna a sabuwar kwamfutar shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gini a Kano. Na sayi kwamfuta ta tebur don shago, yarona ya saka mini Thunderbird. Da muka zo shigar da imel ɗin kasuwancina sai ta ce mu zaɓi IMAP ko POP3. Wani abokina ya ce in ɗauki POP saboda sabis ɗinmu ba shi da tabbas. Ina kuma duba saƙonni a wayata kullum. Akwatin nawa gigabait 1 ne kacal. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka danna IMAP. Wayar nan da ke aljihunka ita ce ta yanke hukunci, kuma bari in nuna maka dalili.

Duk saƙon da aka aiko maka yana fara sauka ne a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ba ka akwatin. Bambancin hanyoyin nan biyu shi ne inda asalin saƙon zai zauna daga nan. POP kamar ɗan aike ne da ke zuwa gidan waya ya kwaso wasiƙu ya kawo shago. Da zarar ya kawo, shago ne gidansu. IMAP kuwa yana barin wasiƙun a inda suke, kwamfuta da waya kowacce ta leƙa akwati guda. Ka karanta saƙo a waya, kwamfuta ta nuna an karanta. Ka mayar da shi foldar "Masu bashi" a shago, da daddare ka same shi a can cikin wayarka.

Abin da ya fi cutar mutane a POP shi ne saƙonnin da su da kansu suka aika. POP bai san komai ba sai akwatin shigowa. A ce ranar Talata ka zauna a shago ka aika wa ɗan kwangila farashin siminti da rodi. Ranar Juma'a kuna wurin gini ya ce ba haka kuka yi ba. Ka ciro waya, ka buɗe Sent, babu komai, domin kwafin yana kwance a kwamfutar shago kaɗai. Da IMAP ne, da ka miƙa masa wayar ya karanta da idonsa.

Akwai kuma wani tarko da ke ɗaukar makonni biyu kafin ya bayyana. Idan ka buɗe asusun POP a Thunderbird, a shafin Server Settings za ka ga Leave messages on server, ƙarƙashinsa kuma For at most 14 days. Ma'anarsa, kwana 14 bayan kwamfuta ta kwashi saƙo, za ta sa a goge shi daga sabar. Ranar farko komai lafiya. Sai wata safiya ka nemi rasit ɗin watan jiya a waya ka ga ya ɓace, ka fara zargin an yi maka kutse. Na taɓa ganin haka a wani ofishi da aka kira ni gyara. Shekara uku suna kan POP, rumbun ajiyar kwamfutar ya mutu bayan wata wuta mai ƙarfi da aka kawo, muka shiga sabar cike da fata, abin da muka tarar saƙonnin mako biyu ne kawai. Har yau ina tuna yadda sakatariyar ta riƙe baki ta kasa magana.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai shawararsa ta zamanin da ce. POP ya dace da lokacin da mutum ke haɗa layin tarho na 'yan mintoci, ya sauke saƙonni, ya kashe. Yanzu Thunderbird tana ajiye kwafin saƙonnin IMAP a kwamfuta. Shiga Account Settings, sannan Synchronization & Storage, ka tabbatar akwai alama a kan Keep messages in all folders for this account on this computer. In sabis ya ɗauke za ka karanta duk abin da ya riga ya sauka, ka rubuta amsa, ka tura in ya dawo. Idan tsohon akwati ne mai tarin saƙonni kuma kana tsoron data, a shafin nan dai za ka iya cewa na kwana 30 na baya kawai a sauke.

Wajen shigarwa, idan manhajar ba ta gano saitin da kanta ba, yaronka ya zaɓi cikewa da hannu. Sunan sabar daga kamfanin zai samo, sauran kuma ga su:

```
IMAP   993   SSL/TLS
SMTP   465   SSL/TLS
```

Wasu kamfanonin 587 da STARTTLS suke bayarwa don aikawa, shi ma daidai ne. In ka ga 995 ko 110, to POP aka saka maka. A kula tun farko, domin Thunderbird ba ta juya asusun POP ya koma IMAP. Sai an buɗe sabo an kwaso tsoffin saƙonni da hannu.

Yanzu sai maganar gigabait ɗayan nan, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Tunda IMAP a sabar yake barin komai, akwatin zai cika. Mu yi lissafi: idan kullum ana turo maka takardu biyar masu hoto, kowacce megabait 2, megabait 10 ke nan a rana. Cikin kwana 100 ka cinye wurin, ban ma saka waɗanda kake aikawa ba. Ranar da ya cika ba za ka ji ƙara ba. Saƙonni ne za su daina shigowa, masu aikowa su riƙa samun sanarwar cewa akwatinka ya cika, kai kuma ka zaci kasuwa ce ta yi sanyi.

Maganin wannan yana cikin Thunderbird ɗin. A gefen hagu, can ƙasa, akwai Local Folders. Abin da ke ciki a kwamfutarka yake zaune, ba ya cin wurin sabar. Ka buɗe folda a ciki da sunan shekara. Ƙarshen kowane wata yaronka ya zaɓi saƙonnin da suka wuce wata biyu, na Inbox da na Sent, ya yi Copy To zuwa can. Ya buɗe biyu ko uku ya tabbatar takardun da ke maƙale suna buɗuwa, sannan ya goge na kan sabar, ya kuma zubar da Trash, domin abin da ke kwandon shara ma wuri yake ci. Na fi son kwafi a kan Move To saboda sabis na iya yankewa ana tsakiyar aiki. Waɗanda suka koma Local Folders sun zama kwafi ɗaya tilo a duniya, don haka a ranar a kwafe foldar bayanan Thunderbird zuwa filas, a kai filas ɗin gida. Idan kamfanin na sayar da ƙarin wuri a farashin da ba zai dame ka ba, ka saya, wahalar ta ragu.

Gargaɗi ɗaya game da IMAP, kuma ka faɗa wa duk mai taɓa wayarka: gogewa a wuri ɗaya gogewa ce a ko'ina. Idan ƙaramin ɗanka ya share saƙonni a waya, kwamfutar shago za ta bi sahu da zarar ta samu sabis. In haka ta faru, a fara duba Trash. In nan ma babu, kada a bar kwamfutar ta hau intanet: a cire mata kebul ɗin intanet ko a kashe Wi-Fi tukuna, a buɗe Thunderbird, a kwafe saƙonnin zuwa Local Folders, sannan a mayar da sabis.