Yadda ake tambayar malamin jami'a maki ko ƙarin lokaci a Kumasi

"Yaya, na samu gurbi a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. A nan gida in makina bai yi mini ba, ta WhatsApp nake tura wa malami: 'Oga barka, na ga 38, don Allah a taimaka a duba mini.' Haka ma in ina son a ɗaga mini ranar miƙa aiki. An ce a can ba a haka. To yaya ake yi?"

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya kawo ka lafiya.

Saƙon nan naka ba shi da rashin kunya, amma kalmar "a taimaka" ita za ta kashe shi. Malamin da bai san fuskarka ba zai ɗauka roƙon ƙarin maki kake yi, kuma wanda yake tsoron a zarge shi da taɓa sakamako shiru zai yi maka. Ga shi ba ka faɗi ko kai wane ne ba, ba ka faɗi kwas ba, alhali wani ajin ɗalibansa sun haura ɗari.

Kafin ka taɓa waya, yi lissafi. A ce an raba kwas ɗin gida biyu, aikin cikin zango 30, jarrabawar ƙarshe 70. Takardar gwajinka da aka mayar maka ta nuna 22, jimilla kuma ta fito 38. In an riga an haɗa 22 ɗin, ke nan 16 kacal ka ci cikin 70. Tambayi kanka tsakani da Allah ko haka ka rubuta jarrabawar. In ka san ka amsa tambayoyi da dama, akwai alamar makin gwajin ne bai shiga ba. Da ya shiga da ka tashi da 60, wato B a ma'aunin KNUST, inda A ke farawa daga 70. Wannan lissafin shi ne wasiƙarka.

Ka tura wasiƙar ta adireshin imel ɗin da makaranta za ta ba ka, mai ƙarewa da `st.knust.edu.gh`, kada ka yi amfani da wanda ka buɗe tun kana sakandare da laƙabin ƙwallo. A layin take ka sa lambar kwas, lambarka ta jarrabawa, da "tambaya kan makin gwaji". Ka buɗe da `Dear Dr.` ko `Dear Prof.` sannan sunan dangin malamin. Duba muƙaminsa a shafin sashe tukuna, don kiran farfesa da dakta ba ya yi wa wasu daɗi. Jikin wasiƙar da Turanci za ka rubuta, amma ga abin da zai ƙunsa:

"Sunana wane, ɗan aji ɗaya a sashe kaza, ina ɗaukar kwas ɗinka. Sakamakon da ya fito ya nuna mini 38. Takardar gwajina ta tsakiyar zango ta nuna 22 cikin 30, na haɗo hotonta. Ina roƙon a duba ko an shigar da wannan makin cikin jimillar. In ya fi sauƙi in zo ofis da takardar, zan zo duk lokacin da ya dace da kai. Na gode."

Ka ga ba inda ka ce an yi kuskure, ba ka kuma kawo zancen kuɗin makaranta ko wahalar iyaye ba. Ka miƙa masa aikin da zai iya gamawa cikin minti biyar. Gaisuwarmu ta "ina gajiya, ina iyali" ka adana wa dattawan unguwar Aboabo ranar Juma'a. A imel layi ɗaya ya isa. Saboda irin wannan rana, kada ka yar da takardar gwaji ko ɗaya sai ka ga sakamako.

In ya amsa cewa makin ya shiga, magana ta ƙare tsakaninku. Sake duba takardar jarrabawa hanya ce daban, a hukumance, da wa'adinta da kuɗinta, kuma jami'in jarrabawa na sashenku ne zai nuna maka ita.

Neman ƙarin lokaci ya fi sauƙi, muddin ka rubuta kafin ranar ta wuce. Faɗi dalili a jimla ɗaya, haɗa takardar asibitin jami'a in rashin lafiya ce, faɗi inda ka kai a aikin, sannan ka yanka rana da kanka: "Ina roƙon a ba ni zuwa Alhamis da ƙarfe biyar na yamma." Wanda ya ce "a ɗan ƙara mini lokaci" ya bar wa malami aikin tunani. In tafiya gida Sallah ce dalili, tun farkon zango za ka faɗa. Kuma kada ka ajiye aikin kana jiran amsa, don shirunsa ba izini ba ne.

Kwana uku ko huɗu na aiki suka wuce ba amsa, ka sake rubutu a ƙarƙashin saƙon farko, layi biyu. In har yanzu shiru, tambayi wakilin aji ko mataimakin malamin lokacin da yake zama a ofis, ka je da takardarka a hannu.